Likita ya ji ƙara a zuciyar jaririyata: yaya ake gane cewa huji ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na haihu ta hanyar tiyata a nan Jos kwana goma da suka wuce. A rana ta uku, kafin a sallame mu, likitan yara ya saurari ƙirjin jaririyar ya ce ya ji wata ƙara mai ƙarfi, wataƙila huji ne tsakanin ɗakunan zuciya na ƙasa, ya rubuta mana hoton zuciya da ake kira eko. Tana shan nono sosai, launinta lafiya lau, har uwar mijina na cewa a bar zancen hoton. Yaya ake gane huji daga sauti kawai, kuma ƙarfin ƙarar yana nufin hujin babba ne?

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya ta, ke kuma ya ba ki lafiya.

Kunne shi kaɗai ba ya yanke hukunci a wannan matsala, zato yake kawowa, kuma abin da ƙarfin sautin yake nunawa sau da yawa kishiyar abin da iyaye suke tsammani ne. Domin ki fahimci dalili, sai mu fara daga yadda jini yake tafiya a zuciyar jariri a makonninsa na farko, saboda duk hukuncin da likita zai yanke yana rataye ne a kan wannan.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɗakin ƙasa na dama yana tura jini zuwa huhu domin ya ɗauko iskar oksijin, na hagu kuma yana tura shi zuwa dukkan jiki, don haka na hagun ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsakaninsu akwai bango na tsoka wanda yake kammala haɗuwa tun wajen mako na 7 zuwa na 8 na ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Idan wani wuri a bangon bai haɗe ba, shi ne hujin da za ki ga an rubuta VSD a takardar sakamako. Kusan jariri 1 cikin 100 ana haifarsa da wata matsala a ginin zuciya, kuma wannan hujin ne aka fi samu a cikinsu. A mafi yawan lokuta ba a gano wani dalili guda da ya jawo shi, ko da yake an fi ganinsa a 'ya'yan matan da suke da ciwon suga tun kafin su ɗauki ciki, da kuma yaran da aka haifa da lalurar Down.

Yaro yana cikin ciki ba ya numfashi da huhu, mabiyiya ce take ba shi oksijin, saboda haka jijiyoyin huhunsa a matse suke, ɗakin dama kuma sai ya yi turi da ƙarfi daidai da na hagu. Da ya faɗo ya yi kukan farko, huhu ya buɗe, matsin ya fara sauka. Yana sauka da sauri a kwanakin farko, sannan ya ci gaba a hankali har wajen mako 6 zuwa 8. Jini ba ya ratsa huji sai idan akwai bambancin matsi tsakanin ɓangarorin biyu, kuma ƙarar da likita yake ji ba komai ba ce illa rugugin jinin da yake kutsawa da gudu ta wuri mai ƙunci. Ki dubi mai ban-ruwan lambu riƙe da tiyo: idan ya toshe rabin bakin da babban yatsansa, ruwan yana fita da feshi da ƙara, idan kuwa ya saki, ruwa mai yawa ne yake zuba amma ba a jin motsinsa. Ƙaramin huji yana hana matsin hagu isa dama, don haka matsin dama yana sauka da wuri, bambancin ya yi girma, a ji ƙara mai kaifi tun a rana ta biyu ko ta uku. Babban huji kuwa yana daidaita matsin ɗakunan biyu, jijiyoyin huhu su yi jinkirin saki, sai jariri ya bar asibiti ba a ji komai ba, ko a ji sauti mai laushi wanda ba ya tayar da hankali. Wani likita Bafaranshe, Henri Roger, ya bayyana irin ƙarar ƙaramin hujin tun 1879: ƙara mai ƙarfi a jikin yaron da ba ya nuna alamar ciwo.

Saboda haka labarin da kika bayar, ƙara mai ƙarfi a rana ta uku a jikin jaririya mai shan nono da kyau, ya fi kama da ƙaramin huji. Amma ban duba ta ba, kuma akwai wasu matsalolin da suke iya zuwa da wannan siffa, shi ya sa ba zan goyi bayan a bar hoton ba.

Ga abin da likitan ya yi da abin sauraron ƙirji a kunnensa. Da farko ya lura da lokacin da sautin yake zuwa. Zuciya tana da bugu biyu a jere, na farko idan ta fara matsewa, na biyu idan ta gama, kuma ƙarar wannan huji tana farawa ne tare da bugun farko ta cika tsakanin har zuwa na biyu, da ƙarfi iri ɗaya, kamar doguwar "shhh" mai kaushi. Idan hujin ƙanƙane ne a cikin tsoka, tana iya yankewa kafin bugu na biyu, domin tsokar tana matse shi ta rufe a ƙarshen kowane turi. Sannan ya lura da wurin da ta fi ƙarfi, wanda a wannan matsala yakan kasance gefen hagu na ƙashin tsakiyar ƙirji daga ƙasa. Sai ya ba ta mataki daga 1 zuwa 6, bisa ma'aunin da Samuel Levine ya kafa a 1933: mataki na 1 da ƙyar ake ji, na 3 ana ji sarai, daga na 4 kuwa idan aka ɗora tafin hannu a ƙirji za a ji yana karkarwa. Sauti mai kaushi na mataki 3 ko sama da haka, mai cika tsakanin bugu biyu, ba a ɗaukarsa a matsayin ƙarar banza. Akwai ƙarar da ake ji a jarirai masu lafiya, misali daga wata jijiya da take haɗa babbar jijiyar jiki da ta huhu lokacin da yaro yake ciki, wadda takan rufe da kanta cikin kwana 1 zuwa 3, ko daga rassan jijiyar huhu da ba su gama faɗaɗa ba, amma waɗannan sun fi laushi, kuma wurin da ake jin su daban ne.

Likitan da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan sautin, kuma a ganina abin da yake biyo baya ya fi sauraron kansa muhimmanci a makon farko. Yana taɓa bugun jijiya a matsematsin jariri, hagu da dama, ya gwada da na hannu, domin huji yana iya zuwa tare da ƙuncin babbar jijiyar da take kai jini ƙasan jiki, kuma wannan ƙuncin ne yake iya kayar da jariri farat ɗaya a mako na farko ko na biyu. Yana saka ɗan maƙalin awon oksijin a hannun dama da ƙafa ɗaya bayan jariri ya wuce awa 24. Abin da ake so shi ne kashi 95 ko sama, kuma kada bambancin hannu da ƙafa ya wuce 3. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka jariri mai lafiya yana iya nuna adadin da ya ɗan gaza na ɗan Legas, amma wannan dalili ne na a sake aunawa, ba na a yi watsi da sakamako ba. A huji zalla oksijin yakan kasance daidai, domin jini mai oksijin ne yake komawa huhu a karo na biyu, ba jini marar oksijin ne yake shiga jiki ba. Idan aka ji ƙara kuma awon ya nuna 88, ko harshe da dasashi suka yi duhu, to maganar ta wuce huji shi kaɗai, kuma hoton ya zama na gaggawa a ranar. Bayan haka yana ƙirga numfashi na minti ɗaya cur jariri yana kwance lafiya, yana laluben gefen hanta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana duba fuska da tafin hannu ko akwai alamun wata lalura ta haihuwa.

Bari in kawo misali irin wanda ake gani a asibitin yara, domin ki ga yadda babban huji yake ɓoyewa. A ce an haifi yaro namiji da nauyin kilo 3.2, haihuwa lafiya, aka sallame su washegari ba a ji komai a ƙirjinsa ba. Ranar suna yana cikin ƙoshin lafiya, kowa ya ɗauke shi ya yaba. Wajen mako na huɗu uwar ta fara lura cewa yana kama nono da zafinsa, ya tsotsa minti biyu ko uku ya saki yana haki, goshinsa da ƙeyarsa sun jiƙe da gumi ko da a sanyin Jos ne, ya yi barci don gajiya, bayan rabin awa ya farka da kukan yunwa. Shayarwar da take ɗaukar minti goma sha biyar ta koma ta kusan awa guda. A gida aka ce nononta ne bai isa ba, wani ya ce beli ne a kira wanzami, a kemis kuma aka ba su maganin namoniya saboda saurin numfashi, alhali babu zazzaɓi.

Aka kai shi rigakafin mako 6, ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a sikeli ya nuna kilo 3.6. Jariri yakan rage nauyi kaɗan a kwanakin farko, ya mayar da shi kafin kwana 10 zuwa 14, daga nan ya riƙa ƙara gram 20 zuwa 30 a kullum, don haka wannan yaro ya kamata a ce ya kai wajen kilo 4. Wannan giɓin ne ya sa aka tura shi wurin likita. Numfashinsa 68 a minti, alhali iyakar da ake yarda da ita a wannan shekaru 60 ce, kuma fatar ƙasan haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki da kowane ja. Zuciyarsa tana bugawa 170 yana kwance. Hantarsa ta sauko santimita 3 da rabi ƙasa da haƙarƙari. Oksijin 97 a hannu da ƙafa, bugun matsematsi lafiya. Ƙarar kuwa mataki na 2 ce kawai, amma bugu na biyu yana da ƙarfi fiye da kima, kuma a ƙasan nonon hagu ana jin wani rugugi mai zurfi lokacin da zuciya take cika, wanda yake nuna cewa jinin da yake dawowa daga huhu ya kai ninki biyu na wanda yake zuwa jiki ko fiye. Abin da ya faru shi ne jijiyoyin huhu sun saki a ƙarshe, jini ya kwarara ta hujin ya cika huhu, huhun ya yi nauyi, yaron yana ƙone abincin da ya sha wajen numfashi. Ƙarancin jinin da kowane jariri yake yi a wata na biyu zuwa na uku ya ƙara wa zuciyar aiki. Hoton ƙirji ya nuna faɗin zuciya ya wuce kashi 60 cikin 100 na faɗin ƙirjin, jijiyoyin huhu kuma sun cika. Wannan hoto da awon lantarkin zuciya suna ƙarfafa zato, amma ba sa nuna hujin kansa, kuma a ƙaramin huji dukansu biyun sukan fito lafiya lau.

Eko ne yake nuna shi. Na'ura ce irin ta sikanin da aka yi miki lokacin awon ciki, ba ta da zafi, ba allura, ana shafa ɗan ruwa mai kauri a ƙirji a ɗora kan na'urar a wurare huɗu ko biyar, har da ƙasan ƙashin ƙirji da gindin wuya. Mai ɗaukar hoton yana neman amsar tambayoyi kaɗan, kuma ta farko ita ce wurin da hujin yake. Mafi yawan waɗanda suke kai yara asibiti suna can sama ne, a wani siririn sashe na bangon da yake dab da bawul ɗin babbar jijiyar jiki, wato ƙofar da take hana jini komawa baya. Wasu suna cikin tsoka daga ƙasa, su ne aka fi gani a jarirai sababbin haihuwa, kuma mafi yawan ƙananansu suna rufewa da kansu cikin shekara ɗaya ko biyu yayin da tsokar take kauri. Na saman ma wani kaso yana rufewa, amma ana bin sa da ido ko da ƙarami ne, domin gudun jinin yana iya janyo leɓen bawul ɗin da yake kusa har ya fara yoyo. Akwai kuma waɗanda suke kusa da mashigar jini ko mafitarsa, waɗanda ba kasafai suke rufewa da kansu ba.

Ta biyu ita ce girma, kuma ba a auna shi da milimita kawai, ana gwada shi ne da faɗin bakin babbar jijiyar jiki ta yaron. Wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan faɗi ba ƙarami ne, wanda ya kusa kai faɗin gaba ɗaya babba ne. A yaron misalinmu an sami huji milimita 7 a sashen sama, bakin jijiyar kuma milimita 9.

Ta uku ita ce gudun jinin da yake ratsawa, wanda na'urar take aunawa da mita a daƙiƙa, kuma daga shi ake lissafa bambancin matsi da wannan ƙa'ida:

```
ΔP = 4 × V²
```

V shi ne gudun jinin, ΔP kuma bambancin matsin. A yaron nan gudun mita 1.5 ne. Idan aka ninka 1.5 da kanta aka sami 2.25, aka ninka da 4, bambancin ya zama 9 mmHg kacal a ma'aunin awon jini. Awon jininsa na sama a hannu 85 ne, wanda shi ne matsin ɗakin hagu matuƙar babu toshewa a mafita, don haka matsin ɗakin dama ya kai 76, kusan daidai da na hagu, alhali a wannan shekaru bai kamata ya wuce 30 ba. Ki gwada da jaririyar da take da huji milimita 2 a cikin tsoka, gudun jini mita 4, awon jini 90: bambancin 64 ne, matsin dama 26, huhunta yana cikin aminci, ita ce kuma ƙararta take cika kunne. Daga nan mai hoton ya auna ɗakunan hagu ko sun faɗaɗa, wanda shi ne shaidar yawan jinin da yake zagayowa, sannan ya bi sauran zuciyar sashe-sashe, musamman mafitar huhu da lanƙwasar babbar jijiya, domin tabbatar da cewa hujin shi kaɗai ne.

Yaro mai babban huji irin na misalinmu ana fara masa maganin rage ruwa, a ƙara masa abinci, wani lokaci ta siririn bututun hanci, kuma a fara shirin aikin rufe hujin, yawanci kafin ya wuce wata 6 idan nauyinsa ya ƙi ƙaruwa. Dalilin rashin jinkiri shi ne jijiyoyin huhun da suka daɗe a ƙarƙashin matsi suna yin kauri su taurare, kuma bayan shekara ɗaya zuwa biyu lalacewar tana iya zama wadda ba ta gyaruwa. Abin da yake ruɗar iyaye a nan shi ne a daidai lokacin yaron yakan yi kamar ya samu sauƙi, hakin ya ragu, ƙarar ta yi laushi. Raguwar ƙara tana iya nufin huji yana rufewa, tana kuma iya nufin matsin huhu yana hawa, kuma eko ne kawai yake raba tsakaninsu.

Hoton da aka ɗauka da wuri yana da iyaka, kuma ya kamata ki san da ita kafin ki je. A kwanakin farko matsin dama bai gama sauka ba, don haka gudun jinin yana iya fitowa ƙasa ko da hujin ƙarami ne, kuma ƙananan huji na cikin tsoka suna iya ɓacewa ga ido. Hoton yanzu zai gaya mana wurin hujin da faɗinsa da kuma ko akwai wata matsala tare da shi, amma nauyin da zai ɗora wa zuciya ba ya bayyana sosai sai wajen mako 6 zuwa 8. Idan aka ce ki dawo a sake, ba don na farkon ya lalace ba ne. Haka kuma hannun da ya riƙe na'urar yana da tasiri ƙwarai, domin wanda ya saba da zuciyar manya yana iya ganin hujin ya tsallake ƙuncin jijiyar da yake bayansa. Ki nemi a yi shi a sashen zuciyar yara, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko wurin da likitan zuciyar yara ne zai ɗauka ko ya karanta.

Ga Hajiya uwar mijinki kuma, a yi mata bayani cikin girmamawa cewa abin da ta gani gaskiya ne, jikarta tana cikin lafiya a yau, kuma ana sa ran hoton zai tabbatar da hakan ne. A roƙe ta kada a cire beli ko a yi tsaga a ƙirji saboda haki, domin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta sun fi haɗari ga jaririn da yake da huji a zuciya.

Kafin ranar hoton da bayanta, ki sa ido a kan shan nono fiye da komai: tsawon lokacin da take ɗauka, ko tana saki don ta huta, ko tana gumi a goshi. Ki ƙirga numfashinta na minti guda tana barci, ki sa a auna nauyinta kowane mako a sikeli ɗaya a rubuta a katinta, ki ci gaba da rigakafinta na mako 6 da 10 da 14 yadda aka tsara. Idan numfashi ya tsaya sama da 60, ko haƙarƙari yana lotsawa, ko ta ƙi nono sau biyu a jere, ko harshenta ya yi duhu, ko jikinta ya saki ƙafafu suka yi sanyi, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki kai ta sashen gaggawa na yara ko da tsakar dare ne. Ranar hoton ki shayar da ita dab da shiga domin ta yi barci, saboda kuka yana ɓata awon gudun jini, kuma kafin ki fito ki tambayi likitan inda hujin yake, milimita nawa ne idan aka gwada da bakin babbar jijiya, ko ɗakunan hagu sun faɗaɗa, ko akwai wani abu tare da shi, da ranar da za a sake dubawa. Ki karɓi kwafin sakamakon ki adana tare da katin rigakafinta, domin da shi za a gwada hoto na gaba.